Abin da Ke Faruwa a Cikin Ƙarfe Idan Ya Huce Sannu a Hankali

Ƙarfen da ake ƙera shaftin mota, kusoshi da rodin gini da shi baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da ɗan kabon, galibi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa. Idan aka gasa shi ya kai wajen digiri 850 a ma'aunin Salshiyas, yana nan daskararre, amma ƙwayoyin zarrar cikinsa sun sake tsarin zama. Wannan tsari na zafi shi ake kira ostenayit, sunan da aka samo daga na masanin ƙarafa na Birtaniya, William Roberts-Austen. Ostenayit yana da wadatar gurabe a tsakanin ƙwayoyinsa, don haka kabon yakan narke a cikinsa kamar gishiri a ruwa, har zuwa kashi 2.14 cikin ɗari a digiri 1147.

Da zafi ya ragu, ƙwayoyin sukan koma wani tsari da ake kira ferayit, wanda gurabensa matsattsu ne ƙwarai. Iyakar kabon da ferayit zai iya riƙewa shi ne kashi 0.022 cikin ɗari. Ragowar kabon ɗin dole ya nemi wurin zuwa, kuma inda ya tafi shi ke yanke irin ƙarfen da za a samu a ƙarshe.

A ɗauki ƙarfe mai kabon kashi 0.40 cikin ɗari, irin wanda ake yawan yin shafti da shi, a gasa shi, a kashe tanderu, a bar shi a ciki ya huce. Maƙerin da ke binne jan ƙarfe a cikin toka ya kwana don ya yi taushi, kusan wannan aikin yake yi. Har zuwa wajen digiri 780 babu abin da ke sauyawa. Daga nan ferayit yakan fara tsirowa a kan iyakokin ƙwayoyin ostenayit, domin nan ne tsari ya fi rauni. Tun da ferayit ba ya ɗaukar kabon, duk inda ya tsiro sai ya tura kabon cikin ostenayit ɗin da ya rage. Ostenayit yana raguwa, kabon ɗinsa yana ƙara kauri, kamar miyar da ruwanta ke ƙonewa gishiri yana ƙara fitowa: daga 0.40 zuwa 0.50, zuwa 0.60, har ya kai 0.76 daidai lokacin da zafi ya sauko digiri 727.

A wannan digiri ragowar ostenayit ba ya iya zama. Sai ya rabu gida biyu lokaci guda: ferayit, da wani sinadari mai tauri da saurin karyewa da ake kira simantayit, `Fe3C`, wanda kabon ɗinsa ya kai kashi 6.70 cikin ɗari. Biyun suna girma kafaɗa da kafaɗa, falle bayan falle, saboda kabon ba ya iya tafiya mai nisa. Ya fi masa sauƙi ya matsa gefe kaɗan ya taru. Wannan jerin fallaye shi ne palayit. An ba shi sunan ne saboda ƙyallinsa mai kama da na lu'ulu'un cikin kawa, wanda Henry Clifton Sorby na Sheffield ya lura da shi a ƙarni na 19. Idan aka goge ƙarfen ya yi sumul, aka ɗiga masa ruwan asid mai rauni, aka duba a madubin kimiyya, ferayit yakan fito fari tas, palayit kuma duhu-duhu, sai an ƙara girman hoton sannan zanensa ya bayyana kamar zanen ɗan yatsa.

Lissafin yawan kowanne ana yin sa da dokar sikeli. A ɗauka akwai sanda, ferayit yana zaune a wannan baki a kan 0.022, palayit yana wancan baki a kan 0.76, kabon ɗin ƙarfen kuma, wato `C0`, shi ne wurin da aka rataye sandar. Wanda ya fi kusa da maratayi shi ne mai nauyi, don haka rabon kowanne shi ne tsawon hannun da ke ɗaya gefen, a raba da tsawon sandar duka.

```
W_palayit = (C0 - 0.022) / (0.76 - 0.022)
          = 0.378 / 0.738 = 0.512
W_ferayit = (0.76 - C0) / (0.76 - 0.022)
          = 0.360 / 0.738 = 0.488
```

Ke nan a cikin kilo ɗaya na wannan ƙarfe akwai palayit giram 512 da ferayit na farko giram 488. Ana iya tabbatar da amsar ta hanyar bin sawun kabon. Kilo ɗaya yana ɗauke da kabon giram 4. Palayit giram 512 mai kashi 0.76 yana riƙe da giram 3.89, ferayit giram 488 mai kashi 0.022 yana riƙe da giram 0.11. Jimilla giram 4 cif. Idan jimillar ta kauce, an juya hannayen sikelin ne, kuma wannan kuskure ya yi yawa a tsakanin masu koyo.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Giram 488 ba shi ne duk ferayit ɗin da ke cikin ƙarfen ba, ferayit ne kawai da ya fito kafin digiri 727. Palayit ma cike yake da ferayit: kashi 89 cikin ɗari nasa ferayit ne, kashi 11 simantayit. In ana son jimillar ferayit, sai a tsawaita sandar ta kai 6.70.

```
W_ferayit_duka = (6.70 - 0.40) / (6.70 - 0.022) = 0.943
W_simantayit   = 1 - 0.943 = 0.057
```

Ferayit duka giram 943 ne: 488 na farko da 455 na cikin palayit. Simantayit giram 57 kacal, amma shi ne ya mayar da rabin ƙarfen palayit, kuma fallayensa ne ke tokare ferayit mai laushi su hana shi lanƙwashewa da wuri.

Ana iya bin lissafin ta baya. Nauyin ferayit da na palayit a girma ɗaya kusan daidai suke, don haka faɗin da kowanne ya ci a hoton madubi yana nuna rabonsa. Idan duhu ya rufe kwata na hoton, kabon ya kai 0.022 + 0.25 × 0.738, wato wajen 0.21.

Lissafin yana da sharaɗi, shi ne a ba kabon lokacin tafiya. Ƙarfen da aka fitar ya huce a iska ba ya samun damar fitar da ferayit ɗinsa duka, sai palayit ya fi abin da lissafi ya nuna, fallayensa kuma su yi sirara. Mai ƙiyasi daga hoto zai ɗora wa ƙarfen kabon da ba shi da shi. Manganis da kuromiyam suna rage adadin 0.76 ɗin, su ma su ƙara palayit. Idan an daɗe ana gasawa a buɗaɗɗiyar iska, kabon na bayan ƙarfen yakan ƙone, a ga farin gefe na ferayit zalla, shi ya sa ake ɗaukar hoton daga tsakiya. Ƙarfen da kabon ɗinsa ya haura 0.76 kuwa simantayit ne ke fara fitowa a kan iyakoki, sandar kuma takan tashi daga 0.76 zuwa 6.70. In kuma aka tsoma jan ƙarfen a ruwa, kabon ba ya samun sukunin motsi ko kaɗan, sai a samu matensayit mai tsananin tauri, wanda wannan sikeli ba ya auna shi.