A Fara Zana Tsakar Gida Kafin Ɗakuna

Idan magidanci ya je wajen mai zanen gida, abin da yake fara faɗa shi ne yawan ɗakunan da yake so: biyu na uwargida, biyu na amarya, ɗaya na Hajiya, sai na samari. Tsakar gida kuwa abin da ya rage ne ake kira da wannan suna. Shi ya sa ake samun gida mai ɗaki goma amma babu inda za a shanya wanki, balle a shimfiɗa tabarma ranar suna.

Magina na da ba haka suke yi ba. A tsofaffin gidajen birnin Kano da Zariya, baƙo yana shiga zaure, ya faɗa ƙofar gida, sannan shigifa, kafin cikin gida. Ƙofofin nan ba sa kallon juna, don haka ko an bar su a buɗe, wanda ke kan titi bango kawai zai gani. Wannan dabara ba ta cin ko bulo ɗaya. Amma yanzu sai ka ga an sa ƙaton get daidai saitin madafa, daga baya a koma rataya labulen buhu.

Mu ɗauki filin da aka fi sani, ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo. A ware kamar ƙafa 25 na gaba don zaure, ɗakin samari ko na baƙi, da banɗakinsu, yadda baƙo ba zai ratsa mata ba don zai kama ruwa. Rigimar tana cikin faɗin. Ɗaki mai ƙafa 12 da kaurin bangonsa yakan ci kusan 13. A bar lungu na ƙafa 3 tsakaninsa da katanga don taga, a sa baranda ta ƙafa 6 a gabansa, an cinye 22, saura 28. Wannan tsakar gida ce ta gaske. To, a ƙara wani layin ɗakuna a ɗaya ɓangaren da nasa lungun, ko ba baranda, sai a koma ƙafa 12. An sami ɗakuna, amma abin da ya rage layi ne, kuma ƙofar kowace mace tana kallon ta abokiyar zamanta. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san abin da hakan ke haifarwa. A ganina gara a jera ɗakunan a gefe ɗaya, a lanƙwaso su ta ƙuryar fili, kowane sashe a yi masa 'yar katanga mai tsayin kafaɗa da za ta ba shi nasa ɗan fili.

Lungun nan na ƙafa 3 shi ake fara sadaukarwa, wai asarar fili ce. Ɗakin da aka manna da katangar maƙwabci ba shi da taga sai ta gaba, iska ba ta da mafita. Gane shi ba wuya: a kunna fitila da azahar, kaya su yi warin gumi da damina. Ƙa'idar da masu zane ke bi ita ce faɗin taga ya kai kashi ɗaya cikin goma na daɓen ɗaki, wato ɗaki mai 12 da 12 yana son taga kamar ƙafa 4 da 4. Wanda ke tsoron leƙe sai ya ɗaga tagar baya sama da tsayin mutum, ya shimfiɗa ta a kwance. Haske zai shigo, ido ba zai shigo ba.

Sai rana. Bangon yamma shi ke shan zafin la'asar, ya riƙe shi har dare, don haka can ya dace da sito da banɗaki, ko a dasa darbejiya nesa kaɗan da tushen gini. Tagogi su fi yawa a kudu da arewa, inda ɗan rufin baranda ke isa ya tare rana. Gabas ma a yi hattara da ita, domin ta nan hadari ya fi tasowa, hunturu kuma daga arewa maso gabas. Wajen aza masai a tambayi alƙibla tun kafin a haƙa rami, kuma a nisanta ramin da rijiya iyakar abin da filin zai bari.

Ɗakin Hajiya ya kasance kusa da shigifa, ba matattakala, banɗaki a ciki. Ita ke karɓar 'yan gaisuwa, kuma daga barandarta tana ganin jikoki.

Samarin nan kuma wata rana za su yi aure, kuma ɗakin amarya a tsakar gida ake yankarsa idan ba a yi tanadi ba. Tun a takarda a nuna inda sabon sashe zai zauna. Idan bene ake nufi nan gaba, a faɗa wa injiniya yanzu ya yi tushen da zai ɗauka, a sa matattakalar ta wajen zaure, tagogin sama kuma kada su leƙa cikin gidan maƙwabta.