Wasiƙar Farko Zuwa Ga Kwamitin Unguwa

Zazzaɓin cizon sauro kan yi ƙamari da damina, shi ya sa ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi duk wata a jihohi irin su Kano da Katsina. Ma'aikaciyar lafiya da ke son yin aikin wayar da kai tare da ƙungiyar ci gaban unguwa sai ta aika imel ɗinta na farko tun watan Afrilu, domin yawancin ƙungiyoyin nan sau ɗaya suke zama a wata.

Kanun saƙon ya faɗi aikin da wurin: "Neman haɗin gwiwa kan zazzaɓin yara, unguwar Fagge". Bayan sallama ga shugaba da muƙaminsa, sai ta ce ita wace ce, kuma wa ya haɗa su. Wannan na da nauyi, don baƙon da ba a san wanda ya turo shi ba, da wuya a amsa masa.

Inda akasari ake tuntuɓe shi ne rabon aiki. Ta bayyana cewa asibiti zai kawo ma'aikata da takardun bayani, ƙungiya kuma ta samar da wuri, ta sanar da mai unguwa da limamai. Batun kuɗi ma ta fito da shi fili: idan babu alawus, ta faɗa, kada a zaci wata ƙungiyar waje ce ta zo da kasafi.

A ƙarshe abu ɗaya za ta roƙa, wato ganawar rabin awa. Ta sa lambar wayarta, idan mako ya wuce shiru, ta kira sakatare.