Takardar Maki a Intabiyun Ɗaukar Aiki

A ce makaranta na neman malamin lissafi, mutum uku ne a kwamitin intabiyu. Bayan an sallami mai neman aikin, ɗaya ya rubuta “yana da natsuwa”, ɗaya ya rubuta “bai burge ni ba”. Babu yadda za a gwada waɗannan kalamai da na mutum na gaba. Takardar maki an yi ta ne domin toshe wannan ɓaraka.

Tun kafin a kira kowa, kwamiti zai amince da ma'auni huɗu ko biyar da aikin ke buƙata, kamar sanin darasi, iya bayani da riƙon aji. Kowane ma'auni yana da tambayarsa, kuma ita za a yi wa kowa. Sannan a fayyace ma'anar maki daga 1 zuwa 5. A iya bayani, 1 na nufin ya karanto ƙa'ida kawai, 3 ya kawo misali ɗaya daidai, 5 kuwa ya gano inda ɗalibi zai ruɗe ya warware masa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne gurbin hujja. “Ya ƙware” ra'ayi ne. Hujja ita ce: “Ya raba naira 600 tsakanin yara uku don nuna kashi ɗaya bisa uku, amma da aka tambaye shi kashi biyu bisa biyar sai ya kasa.”

Kowa ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, don muddin shugaba ya fara magana, sauran sukan bi bayansa. Idan wani ya ba da 2 wani 5, a koma ga abin da kowannensu ya rubuta, mai maki babu hujja ya sake dubawa.