Jadawalin Abincin Tsohon da Ba Ya Cin Abinci Sosai

Tsoho mai ƙarancin ci ba a cika masa kwano. Shi ya sa saƙon mako da masaniyar abinci ke tura wa dattijo yakan raba cin sau biyar ko shida, kaɗan-kaɗan, furotin a gaba.

Ga misali: "Baba, barka da asuba. Litinin da Alhamis, kunun gyaɗa da madara cokali biyu, da dafaffen ƙwai. Da rana alala da kifi. Ku fara cinye kifin kafin komai. La'asar kindirmo kofi ɗaya. Sauran ranaku a sauya da ƙosai, awara ko dambun nama."

Dattijo mai kilo 60 yana buƙatar furotin kusan giram 60 zuwa 72 kullum, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 kacal yake bayarwa. Ruwa sai bayan cin abinci, don kada ya cika ciki. Mai ciwon ƙoda kam, kada ya ƙara furotin sai likita ya yarda tukuna.