Auna sauri da kuɗi idan saƙonni dubbai suka taru a gaban manhajar harshe

Kamfanonin da ke hayar manyan manhajojin harshe na ƙirƙirarriyar basira ba sa ƙidaya kuɗin aiki da yawan saƙonni. Suna ƙidayawa ne da tokin, wato ƙananan gutsattsarin da manhaja ke yanka rubutu kafin ta karanta shi. A Turanci, tokin ɗaya yakan kai kusan harafi 4. A Hausa kuwa kalma guda kan tsage gida da yawa, musamman mai ɗauke da ƙ, ɗ ko ɓ, saboda haka saƙon Hausa ya fi na Turanci mai tsawonsa cin kuɗi. Farashin kansa kashi biyu ne, na tokin da aka shigar da na tokin da manhajar ta fitar, kuma na fitarwa yakan ninka na shigarwa sau da yawa.

Sauri ma daga wannan rabon yake tasowa. Manhaja tana karanta abin da aka aika mata kusan a lokaci guda, amma amsa sai ta rubuta ta tokin bayan tokin, kowane yana jiran na gabansa. Don haka dogon umarni ya fi cin kuɗi fiye da lokaci, doguwar amsa kuwa tana cin duka biyun.

A ɗauki misalin wani kamfanin sayar da taki da iri da ke karɓar saƙonni 10,000 daga manoma a rana. Aikin manhajar shi ne ta ware kowane saƙo: oda ne, ƙorafi ne, tambayar farashi ce, ko wani abu dabam. An rubuta mata umarni mai tokin 1,200, saƙon manomi yana kai tokin 100, ita kuma tana ba da amsa mai tokin 200, domin bayan ta faɗi rukunin takan ƙara bayanin dalilinta. A ce farashin dala 3 ne kan kowane tokin miliyan ɗaya na shigarwa, dala 15 kuma na fitarwa. Umarnin yana tafiya tare da kowane saƙo, domin manhajar ba ta tuna wanda aka aika mata ɗazu. Shigarwa ke nan tokin miliyan 13, dala 39, fitarwa kuma tokin miliyan 2, dala 30. Jimla dala 69 a rana, kuma daga ciki dala 3 kacal aka kashe kan maganar manoman kanta.

Ba a fara rage komai sai an auna. Ana ɗibar saƙonni na gaskiya kamar 200, gajeru da dogaye, har da masu kuskuren rubutu da masu gaurayen harshe, a tura su, a rubuta abu huɗu game da kowane: tokin da ya shiga, tokin da ya fita, lokacin da aka jira kafin tokin farko ya bayyana, da lokacin da amsar ta kammala. Adadin tokin ba ya bukatar kirdado, domin yana dawowa tare da amsar a wani sashe da galibi ake kira `usage`.

Wajen lokaci ne matsakaicin lissafi ke yaudara. Idan saƙonni 190 sun dawo cikin daƙiƙa 5, sauran 10 kuma sun ɗauki daƙiƙa 40, matsakaicin bai kai daƙiƙa 7 ba, sai a ce lafiya lau. Amma a cikin 10,000, waɗannan masu jinkirin mutum 500 ne. Shi ya sa masu aikin ke jera lokutan daga ƙarami zuwa babba, su duba na tsakiya, wanda ake rubutawa `p50`, sannan su duba na can kusa da ƙarshe, `p95` ko `p99`, inda masu dogon jira suke. Dole kuma a yi awon a ƙarƙashin nauyi irin na ranar aiki. Saƙo ɗaya da aka gwada da tsakar dare ba ya nuna abin da zai faru idan 20 suka tafi tare. Kowane kamfani yana da iyakar buƙatu da tokin da yake karɓa a minti guda, wanda ya wuce ta kuma sai a mayar masa da lambar kuskure `429`. Maganinta shi ne a dakata kaɗan a sake turawa, ana ninka tsawon dakatawar kowane karo, kuma wannan jiran ma yana shiga lissafi.

A misalin takin, a ce tokin farko yana zuwa bayan daƙiƙa 1, sauran kuma 50 a kowace daƙiƙa. Amsa mai tokin 200 za ta ci daƙiƙa 5. Ɗaya bayan ɗaya, aikin yini zai kai kusan awa 14. Ana tura 20 a tare, ya sauko zuwa minti 42.

Ragi ya fi riba idan an fara daga amsa. Mai karanta wannan amsar wata manhaja ce da ke jefa saƙo cikin rukuninsa, ba ta bukatar gaisuwa, maimaita tambaya ko bayanin dalili. Sai a umarci manhajar ta fitar da sunan rukunin kawai, abin da ba zai wuce tokin 10 ba. Kuɗin fitarwa ya faɗo daga dala 30 zuwa dala ɗaya da rabi, lokacin kowane saƙo ya koma daƙiƙa ɗaya da ɗan kai, aikin yinin kuma minti 10. Akwai wani saiti, `max_tokens` ko makamancinsa, da ke ƙayyade iyakar tsawon amsa, amma wuƙa ce kawai: ba ya koya wa manhaja taƙaitawa, yana datse maganar ne a inda ta kai. Alamar hakan ita ce amsar da ta yanke a tsakiyar jimla, tare da dalilin tsayawa da ke nuna an cika iyaka. Taƙaitawar a cikin umarni ake nemanta, saitin kuma a bar masa ɗan sarari.

Shi umarni yakan kumbura ne a hankali. Duk lokacin da aka ga kuskure sai wani ya ƙara layi, har a wayi gari doka ɗaya ta bayyana sau uku da kalmomi dabam-dabam, ga misalai takwas inda uku sun isa. Idan aka tsefe shi ya dawo tokin 400, shigarwa ta koma miliyan 5, dala 15. Jimlar yini ta zama dala 16 da rabi maimakon 69.

Sai dai ragi yana da farashinsa. Wani layin da ake gani kamar surutu shi ne ke hana manhajar ɗaukar “kayan ba su iso ba” a matsayin sabuwar oda. Haka kuma a ayyuka masu wuya, kamar lissafi, barin manhaja ta bi matakai a rubuce yakan inganta amsarta, hana ta kuma yakan rage daidaito. Saboda haka waɗancan saƙonni 200 sai mutum ya fara ware su da hannu, a ajiye amsoshin a matsayin ma’auni. Ana cire abu ɗaya, a sake gwaji, a ƙirga nawa aka dace. Idan an cire abu biyar a tashi ɗaya daidaito ya faɗi, ba a san wanne za a mayar ba.

Inda umarnin ba ya raguwa, akwai hanyoyi biyu da manyan kamfanonin suka tanada. Ta farko ita ce ajiyar farkon umarni: idan buƙatu masu bin juna sun fara da rubutu iri ɗaya, ana cajin sashen da aka maimaita da rahusa. Sharaɗinsa shi ne abin da ba ya canzawa ya zo a gaba, saƙon manomi a ƙarshe, domin kwanan wata guda da aka saka a layin farko ya isa ya ɓata ajiyar. Akwai kuma mafi ƙarancin tsawon da ake ajiyewa, don haka umarnin da aka tsefe sosai yana iya faɗuwa ƙasa da shi. Ta biyu ita ce tura aiki a dunƙule: OpenAI da Anthropic duk suna karɓar tarin buƙatu a rabin farashi, su dawo da amsa cikin awa 24. Wannan ya dace da rahoton da za a karanta gobe da safe, amma bai dace da manomin da ke riƙe da waya yana jiran a gaya masa farashin buhu ba.