Kafin a Ce wa Kamfanin Gadi Ya Tattara Kayansa

A manyan shaguna da makarantun kuɗi da asibitoci da rukunin gidaje na Kano da Kaduna da Abuja, maigadi na gargajiya, wanda mai gida ke ɗauka da kansa ya biya shi hannu da hannu, yana ta raguwa. Yanzu kamfani ake ba kwangila, shi ya kawo masu gadi da yunifom, ana biyansa duk ƙarshen wata. Haka ma shara da goge-goge. Idan aiki ya lalace, sai ka ji shugaban kwamiti ya fusata ya ce gobe kada ya sake ganinsu a bakin ƙofa. Sau da yawa yana da gaskiya a kan lalacewar aikin, amma idan maganar ta kai gaban alƙali, abin da za a fara tambayarsa shi ne me ya rubuta wa kamfanin, yaushe ya rubuta, kuma wane wa'adi ya ba shi ya gyara.

Mu ɗauki misali, wanda na tsara shi don bayani amma duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan aiki zai gane shi. Ƙungiyar masu shaguna a wata filaza ta ba kamfani kwangilar gadi ta shekara guda, daga Janairu zuwa Disamba. Masu gadi shida ne, uku da rana uku da dare, a kan naira 90,000 kowane mutum, jimilla naira 540,000 a wata. Yarjejeniyar ta ce idan kamfani ya gaza, za a rubuta masa gargaɗi a ba shi kwana 14 ya gyara. Idan ya sake gazawa bayan gargaɗi na biyu, ana iya soke kwangilar da notis na kwana 30. Ta kuma ce duk ranar da gurbin maigadi ya zauna babu kowa, za a yanke kuɗin ranar.

A watan Fabrairu 'yan kasuwa suka fara gunaguni. Da dare mutum biyu ake gani a maimakon uku, ƙofar baya tana kwana a buɗe, sannan aka kwance batirin janareta. A nan ne yawancin mutane ke yin kuskuren farko, wato su kira manajan kamfani a waya su wanke shi tas, shi kuma ya ba da haƙuri, a rabu a haka. Wata uku baya, babu wata shaida da ta rage cewa an taɓa yin wannan magana.

Kuskure na biyu shi ne a rubuta takardar, amma a cika ta da ƙorafin da ba ya kama komai, kamar a ce aikinku ba ya gamsar da mu, ku gyara. Lauyan kamfani zai tambaya: wane aiki, a wace rana, wane sharaɗi aka karya? Takardar gargaɗi mai amfani tana faɗin abin da ya faru da kwanan watansa. A misalinmu, sakataren ƙungiya ya rubuta ranar 5 ga Maris cewa daga 10 zuwa 28 ga Fabrairu an samu dare 11 da masu gadi biyu kaɗai suka sa hannu a littafin rajista, ya jero kwanakin, ya ambaci sakin layin yarjejeniyar da ya ce mutum uku ne da dare, ya ce an ba su zuwa 19 ga Maris su cike gurbin, kuma rashin yin hakan na iya kaiwa ga soke kwangila. Ya kai takardar ofishin kamfanin da ke rubuce a yarjejeniya, aka buga hatimi a kan kwafinsa aka sa hannu. Wannan hatimin ya fi duk zafafan kalmomin da ke cikin takardar daraja, domin musun da aka fi yi shi ne takarda ba ta iso ba. Saƙon WhatsApp ma kotu na iya karɓarsa, tun da Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofa ga shaidar da ta fito daga na'ura bisa wasu sharuɗɗa, amma idan yarjejeniya ta ce a kai gargaɗi a rubuce zuwa ofis, to a kai shi ofis ɗin.

Da aka zo biyan kuɗin Fabrairu, ƙungiya ta yanke naira 33,000, wato dare 11 a kan naira 3,000, ta rubuta dalili a jikin takardar biya. Wannan yana da muhimmanci fiye da kuɗin kansa. Wanda ya rubuta gargaɗi, sannan ya ci gaba da biyan cikakken kuɗi wata bayan wata ba tare da cewa uffan ba, ko ya ba kamfanin takardar yabo don ya je neman wani aiki, ko ya sabunta masa kwangila, ya ba abokin shari'arsa damar cewa ai an yafe laifin. Ba a yabon mutum a watan Afrilu a kore shi a Mayu da laifin Fabrairu.

Kamfani ya kawo mutum na uku, ya yi mako guda ya ɓace. Ranar 2 ga Afrilu gargaɗi na biyu ya fita, ya ambaci na farko da kwanan watansa, ya ƙara sababbin kwanakin da gurbin ya zauna babu kowa, da hotunan kyamara da suka nuna ƙofar baya a buɗe da ƙarfe biyun dare. Wa'adi ya cika ranar 16 ga Afrilu babu gyara. Ranar 20 ga Afrilu aka kai takardar soke kwangila, tana cewa aiki zai ƙare ranar 20 ga Mayu. A lura, ƙungiya ta jira wa'adin ya cika. Da ta kore su ranar 10 ga Afrilu saboda haushi, da ita ce ta karya yarjejeniya, kuma kamfani na iya zuwa Babbar Kotu ya nemi diyyar ribar da ya rasa. Mai gaskiya yakan koma mai biyan diyya saboda gaggawar kwana shida.

Akwai laifin da ba ya buƙatar wannan doguwar hanya. Idan aka kama masu gadi da hannu a sata, ko ya bayyana kamfanin ba shi da lasisi, yarjejeniyoyi da yawa sun ba da damar sokewa nan take. A Nijeriya Dokar Kamfanonin Gadi Masu Zaman Kansu ta 1986 ta wajabta lasisi, ta kuma hana masu gadin kamfani riƙe bindiga, sannan hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu. Wasu yarjejeniyoyin kuma sun ba kowane ɓangare damar fita da notis kawai, ba sai ya kawo dalili ba. Idan shaidarka ba ta da ƙarfi kuma wannan ƙofa tana nan, gara ka bi ta, ka biya kuɗin wata guda ka huta, da ka jefa wa kamfani zargin da ba za ka iya tabbatarwa ba.

To amma kafin a sa hannu a takardar sokewa, ina ganin wajibi ne mai ba da kwangila ya duba nasa ɓangaren, kuma a nan ne nake yawan ganin zalunci. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Idan kamfanin misalinmu zai biya mutum shida wannan kuɗi, naira 420,000 sun tafi, saura naira 120,000. A cikinsu zai ɗinka yunifom, ya sayi tocila da takalma, ya biya mai zagayen duba aiki, ya ajiye mutumin da zai tsaya wa wanda ya tafi hutu ko ya kwanta ciwo, ya biya haraji, ya ci riba. Lissafin da ƙyar yake fita. Yanzu a ce filazar ta matsa an sauko da farashi zuwa naira 60,000 kowane mutum. Hanya biyu ce ta rage wa kamfani: ya rage albashi, ko ya rage mutane ya ci gaba da karɓar kuɗin shida. Maigadin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata dole ya nemi dako ko acaɓa da rana, kuma wanda ya yini yana aiki barci zai yi da dare. Idan aka ƙara da cewa ƙungiya na jinkirta biya wata biyu, to ba ta da bakin magana, a gaban alƙali ko a gaban Allah. Kamfani zai ce rashin biya ne ya sa ma'aikatansa suka gudu, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Wanda bai gyara wannan lissafi ba, zai kori kamfani ya kawo wani, bayan wata uku ya sake zama rubuta gargaɗi.

Kwana 30 na notis su ne mafi haɗari. Masu gadi sun san tafiya za su yi, sun san kowane lungu, kuma wasu ba a biya su ba. Don haka a tanadi sabon kamfani tun da wuri, a duba lasisinsa, a sa ranar miƙa aiki. A ranar a karɓi makullai da littafin rajista da katunan shiga, a ƙirga kayan da aka ba su a gaban wakilan ɓangarorin biyu su sa hannu, a canza kwaɗuna da lambar sirrin na'urar kyamara. A kwangilar shara ma haka, sai dai abin ƙirgawa ya zama injin goge ƙasa da magungunan wanki da makullan ofisoshi.

Kuɗin aikin da aka riga aka yi haƙƙin kamfani ne, a biya bayan an cire abin da yarjejeniya ta halatta. Riƙe kuɗin wata guda sukutum saboda batirin da aka sace, ba tare da wani sharaɗi da ya ba da wannan dama ba, buɗe sabuwar rigima ne. Idan an kasa daidaitawa, a duba ko yarjejeniya ta ce a fara zuwa sulhu ko gaban mai sasantawa kafin kotu. Jihohi irin su Kano da Legas suna da cibiyoyin sulhu a ƙarƙashin ɓangaren shari'a, kuma sun fi shari'a sauri da sauƙin kuɗi.

Waɗanda aka fi mantawa da su su ne masu gadin kansu. Su ma'aikatan kamfani ne, don haka albashinsu da notis ɗinsu suna wuyansa, kuma idan ya danne musu haƙƙi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce wurin kai ƙara. Amma talakan da ke bin albashin wata biyu ba shi da kuɗin lauya, kuma yawanci kuɗin ƙarshen nan da za ka biya shi kaɗai ne abin da zai iya isa gare shi. Idan kai ne mai sa hannu a wannan kuɗi, ka nemi kamfani ya kawo maka takardar albashin mutanen da suka kwana suna tsaron dukiyarka, ka kira su ka tambaye su ko an biya su, sannan ka sa hannu.