Haraji Biyu a Kan Riba Ɗaya: Wa Ke Cin Moriyar Yarjejeniyar Haraji?

Duk kuɗin da ya ƙetare iyaka, hukumomin haraji biyu ne ke jiransa. Ƙasar da aka samo kuɗin a cikinta, wato ƙasar tushe, tana cewa a kasuwarta aka yi cinikin, hanyoyinta aka bi, kotunanta ke tsare yarjejeniyar, saboda haka tana da haƙƙi. Ƙasar da mai kuɗin yake zaune kuma tana cewa mutuminta ne, kuma dokarta ta ce ya biya haraji a kan duk abin da ya samu, ko a gida ko a waje. Kowacce tana da hujja, kuma babu wadda ta karya dokarta. Sai dai idan aka bar su haka, riba ɗaya za ta sha yanka sau biyu. Matsalar ta daɗe. Tun a 1923 masana tattalin arziki huɗu, wato Bruins da Einaudi da Seligman da Stamp, suka miƙa wa ƙungiyar ƙasashen da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya rahoto a kanta, kuma rabon da aka fara tsarawa a wancan zamani shi ne ƙashin bayan yarjejeniyoyin yau. Abin da nake son nunawa shi ne cewa mafi yawan sauƙin da mai biyan haraji ke samu ba daga yarjejeniya yake zuwa ba. Daga dokar ƙasarsa yake zuwa. Babban aikin yarjejeniya shi ne raba kuɗin tsakanin baitulmali biyu, don haka ya kamata ƙasa mai karɓar jari irin Najeriya ta san abin da take saki kafin ta sa hannu.

Lissafi ne zai fi bayyana zancen. A ƙaddara wani kamfani na Afirka ta Kudu ya ba wani kamfani a Legas rance, kuɗin ruwan shekara ya kai naira miliyan 100. A ajiye batun rangwame na musamman, a kuma ɗauka cewa mai ba da rancen da kuɗinsa ya bayar, bai kashe komai ba. Najeriya kan cire kashi 10 cikin 100 na irin wannan kuɗi tun kafin ya fita, wato miliyan 10. Afirka ta Kudu kuma tana karɓar kashi 27 cikin 100 na ribar kamfanoni, wato miliyan 27. In babu wani sassauci, kamfanin ya biya miliyan 37, alhali da a gida ya ba da rancen, miliyan 27 kawai zai biya. Wannan ratar ta miliyan 10 ita ce ninkin harajin. Akwai ƙasashen da kan ɗauki harajin waje tamkar wani kuɗi da aka kashe wajen neman riba, sai a cire shi daga ribar kafin a yi lissafi. A nan ribar ta koma miliyan 90, harajin gida ya zama miliyan 24.3, jimilla miliyan 34.3. An sami sauƙi, amma kaɗan ne.

Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce a cire harajin waje daga cikin harajin gida kansa, naira da naira. Amurka ta shigar da wannan tsari cikin dokarta a 1918, kuma Afirka ta Kudu ma tana da shi a dokar harajinta. Ana fara lissafa abin da gida ke bin kamfanin, miliyan 27, sannan a cire miliyan 10 da Najeriya ta riga ta karɓa, ya cika miliyan 17. Jimilla miliyan 27, daidai da wanda bai fita waje ba. Ninkin ya tafi gaba ɗaya, kuma har yanzu ba a taɓo yarjejeniya ba. To, yanzu a shigo da ita. Yarjejeniyar Najeriya da Afirka ta Kudu ta ƙayyade abin da ƙasar tushe za ta cira daga kuɗin ruwa a kan kashi 7.5 cikin 100. Najeriya ta karɓi miliyan 7.5. Ragin da kamfanin zai samu a gida shi ma ya sauka zuwa miliyan 7.5, sai ya cika miliyan 19.5. Jimilla dai miliyan 27. Ko sisi bai ƙaru a aljihun mai jarin ba. Miliyan 2.5 da Abuja ta saki, baitulmalin Afirka ta Kudu ya faɗa. Wannan shi ne abin da ba a cika faɗi ba a ranar bikin sa hannu, kuma a ganina shi ne tambayar farko da ya kamata ɗan majalisa ya yi idan aka kawo masa irin wannan takarda.

Mai ja da wannan magana zai ce misalin ya yi sauƙi da yawa, kuma yana da gaskiya. Ragin harajin waje yana da iyaka: ƙasar gida ba ta cire fiye da harajin da ita kanta za ta karɓa a kan wannan kuɗin. Ga kuma inda gizo ke saƙa. Ƙasar tushe tana cire nata ne daga ɗanyen kuɗin, ƙasar gida kuwa daga ribar da ta rage bayan an fitar da abin da aka kashe. A mai da mai ba da rancen banki, wanda shi ma ranto kuɗin ya yi, yana biyan miliyan 80 ga masu ajiya da waɗanda suka ba shi bashi. Ribarsa ta gaskiya miliyan 20 ce, harajin gida a kanta miliyan 5.4. Najeriya kuwa ta riga ta cire miliyan 10, wato rabin ribar. Ragin da zai samu ya tsaya a miliyan 5.4, saura miliyan 4.6 ta zauna a wuyansa. Idan yarjejeniya ta sauko da abin zuwa miliyan 7.5, rarar ta koma miliyan 2.1, kuma a wannan karon sauƙin ya shiga hannun mai jarin kai tsaye. Wasu ƙasashen kan bari a riƙe irin wannan rara zuwa wata shekara, kamar Amurka da ke bari a koma shekara ɗaya baya ko a kai shekara goma gaba, amma bankin da ribarsa ke da siranta kullum ba lallai ya sami shekarar da zai ci moriyarta ba. Galibi sai ya sa sharaɗi a takardar rance cewa mai karɓa ne zai ɗauki nauyin harajin, kuɗin ruwa ya ƙara tsada ga kamfanin Legas. Saboda haka ban ce yarjejeniya ba ta da amfani ba. Cewa na yi amfaninta yana da wuri, kuma ana iya gane wurin ta hanyar gwada harajin da aka cire da harajin da gida zai karɓa a kan riba ta haƙiƙa. In na farko bai kai na biyu ba, saukar da shi kyauta ce ga baitulmalin wata ƙasa.

Akwai kuma ayyukan da dokar ƙasa ɗaya ba za ta iya yi ita kaɗai ba. Mutum na iya zama mazaunin ƙasashe biyu a lokaci guda, kowacce bisa ma'aunin dokarta, kuma kowacce ta ƙi ba shi ragi domin tana ganin ɗayar ce ya kamata ta sassauta. Yarjejeniya ce ke raba gardama, ta fara duba inda yake da gida na dindindin, sannan inda iyalinsa da harkokinsa suka fi ƙarfi, sannan inda ya saba zama, sannan ƙasar da yake ɗanta. Ita ce kuma ke buɗe ƙofa hukumomin biyu su zauna su sasanta idan suka saɓa. Amma a nan ma akwai farashi. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙasar tushe ba za ta taɓa ribar kasuwancin kamfanin waje ba sai yana da kafaffen wurin aiki a cikinta, kamar reshe ko ofis ko masana'anta. Samfurin yarjejeniyar haraji na ƙungiyar OECD ya ce aikin gini ba ya zama kafaffen wuri sai ya wuce wata goma sha biyu, na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 1980 kuwa ya ce wata shida. Ga ƙasar da kamfanonin waje ke gina mata hanyoyi da gadoji, wannan bambanci na wata shida kuɗi ne mai yawa.

Ɓarna mafi girma kuwa tana zuwa ne daga wanda ba da shi aka ƙulla yarjejeniyar ba. Mai jari daga wata ƙasa ta uku ya yi rajistar kamfani a ƙasar da ke da yarjejeniya mai sauƙi da ƙaramin haraji, kamfanin da ba shi da ma'aikata, sai adireshi da takardu, ya bi da kuɗinsa ta can. Ƙasar tushe ta sassauta, ƙasar da aka raɓa ba ta karɓi komai na kirki ba, maganin ninkin haraji ya koma hanyar rashin biyansa kwata-kwata. Saboda irin wannan ne Indiya ta sake fasalin yarjejeniyarta da Mauritius a 2016, Senegal da Zambiya kuma suka soke tasu da wannan tsibiri. A Disambar 2023 Nijar da Mali sun sanar da soke yarjejeniyarsu ta haraji da Faransa, suna cewa rabon ya karkata. Masu goyon bayan yarjejeniyoyi kan ce an toshe kafar, tun da takardar haɗin gwiwa da ƙasashe da dama suka sa wa hannu a 2017 ta ba hukuma ikon hana sassauci idan samunsa na cikin manyan dalilan kafa kamfanin. Ikon yana nan a rubuce, amma aiki da shi na buƙatar jami'an da za su bi sawun kamfani har su tabbatar da ainihin mai shi, kuma su iya tsayawa a kotu gaban ƙwararrun lauyoyi.

Shi kansa mai neman sassaucin, takarda ce ke ceto shi ko ta kayar da shi. Kafin a cire masa haraji a kan farashin yarjejeniya, sai ya gabatar da shaidar zama daga hukumar harajin ƙasarsa. In ya makara, za a cire cikakken kashi 10, kuma ƙasarsa na iya cewa kashi 7.5 kawai ta sani, sauran ya je ya nemo a inda aka karɓa fiye da ƙa'ida. Haka nan ba a ba da ragi sai da rasit da ke nuna cewa kuɗin da aka cire ya isa hannun hukuma, domin akwai masu cirewa su riƙe. Ragin kuma na harajin kuɗin shiga ne, bai shafi kuɗin kwastan ko harajin sayen kaya ba. A Najeriya akwai ƙarin sharaɗi: sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Wanda ya gina lissafinsa a kan labarin cewa ministoci sun sa hannu, ba tare da ya tabbatar ta fara aiki ba, zai tarar an cire masa kashi 10 cur a ranar biya.